"Kin kyauta": godiya ce, tambaya ce, ko gatse?

Maman_Husna: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani abu ya faru da ni a makon jiya, har yau yana min yawo a rai. Ƙanwata ce ta kai Hajiyarmu asibiti saboda ni ba na gari. Da dare na tura mata saƙo, kalma biyu kacal: "Kin kyauta." Wallahi godiya nake yi har zuciyata. Shiru ba amsa sai washegari, ta rubuto min dogon bayani, wai ba laifinta ba ne da suka makara, mai adaidaita ne ya ɓata musu lokaci, in daina yi mata gatse. Ni ban ma san sun makara ba. Na kira ta, na faɗi kalmomin nan biyu da bakina, ba ƙari ba ragi, nan take ta gane godiya ce. Da na ajiye waya sai na yi ta maimaitawa ni kaɗai, na ga ina iya faɗar "kin kyauta" ta zama godiya, ta zama tambaya, ta zama faɗa. To mene ne ainihin abin da ke canzawa a muryar? Ina jin sa a kunne amma na kasa nuna shi da yatsa.

Ɗan_Dala: Wa alaikumus salam. Hajiya ai wannan mai sauƙi ne. In za ka yi tambaya ka ɗaga murya a ƙarshe, in bayani ne ka sauke. Gatse kuma jan magana ake yi. Shi ke nan.

Gwaggon_Yara: Ni laifin na waya nake gani. Yaran yanzu ba sa sa alamar tambaya, ba sa sa aya. Jikana ya rubuto min "kun ci abinci" na rasa ko sanar da ni yake ko tambayata yake.

Malam_Na_Zazzau: Ɗan_Dala, ka kama rabin zancen, amma bari in ɗan tsaya a kan "ɗaga murya a ƙarshe" ɗin nan, don ba kowace tambaya ce ke haka ba, kuma ba kullum a gaɓar ƙarshe ake ɗagawa ba.

Mu fara da bayani tukuna. Kowace gaɓa a Hausa tana da nata karin sautin, ko sama, ko ƙasa, ko faɗau. Ku faɗi wannan a hankali: "Bala ya sayi doki a kasuwa." Gaɓoɓin da ke sama su ne la, ya, yi, do, su, wa. Sauran a ƙasa suke. To ku saurara da kyau, waɗannan na saman ba a tsayi ɗaya suke fitowa ba. La da ya su ne can ƙololuwa. Da an ratsa ta gaɓar "sa", wadda ke ƙasa, sai "yi" da "do" su fito a saman da bai kai na farko ba. A sake ratsa ƙasa ta ki, a, ka, sai su da wa su fito a wani saman da ya fi sauka. Kamar mai saukowa daga bene ne, duk sanda gaɓar ƙasa ta shiga tsakani an rage matakala ɗaya. Wannan gangarowar ita ce muryar bayani, kuma Bahaushe yana yin ta ba tare da ya sani ba.

Yanzu ku mai da ita tambaya ba tare da ƙara kalma ba: "Bala ya sayi doki a kasuwa?" Abu biyu za ku ji. Gangarowar nan ta ragu ƙwarai, maganar ta tafi kusan a miƙe kuma tun farko an ɗauko ta da ɗan sama. Sannan gaɓar sama ta ƙarshe, wato wa, ta yi tsalle ta wuce 'yan'uwanta.

A zancen Maman_Husna, kin tana sama, kyau faɗau ce, ta tana sama. In godiya ce, "ta" za ta fito ƙasa da "kin". In tambaya ce, "ta" za ta haura "kin". Ki rufe baki ki yi ta da hanci kawai, "hm hm hm", za ki ji bambancin ya fito fili.

Maman_Husna: Malam na gwada da hancin yanzun nan, har Husna na tambayata ko lafiya. Gaskiya ne, a tambayar ta ɗin ce ke haurawa.

Ɗan_Dala: To Malam ai abin da na faɗa ke nan, ƙarshe ya tashi.

Malam_Na_Zazzau: A waɗannan misalan biyu mun yi dace ne gaɓar ƙarshe ta zama ta sama. Gwada waɗannan: wani ya ƙwanƙwasa ƙofa, ka ce "Audu ne?" sannan ka ce "Bala ne?" Kalmar ne tana ɗaukar kishiyar karin gaɓar da ta gabace ta. Audu yana ƙarewa da ƙasa, don haka ne ɗinsa na sama, shi ne kuma zai yi tsallen. Bala yana ƙarewa da sama, ne ɗinsa na ƙasa, don haka tsallen a kan la yake, ne kuma ta biyo baya ƙasa da ita, sai dai ba ta faɗi warwas kamar a bayani ba. In ka tilasta wa ne ɗin "Bala ne?" ta haura la, kunnen Bahaushe zai ce wannan baƙo ne.

Sai kuma tambayoyin wa, me, ina, yaushe. Ce "Wa ya zo?" Ce "Me ka saya?" Muryarka a ƙarshe faɗuwa take yi, ba tashi ba. Zo gaɓar sama ce a "Audu ya zo", amma a "Wa ya zo?" ta koma faɗau.

Ɗan_Dala: "Wa ya zo?" ɗin na yarda, lalle faɗuwa take. Na "Bala ne?" kuwa sai na ƙara saurare, don ni ji nake kamar duka biyun a ne nake ɗagawa.

Bakatsiniya: Malam ni ina ganin duk wannan karin sauti ne da aka koya mana a sakandare, kamar kuka na hawaye da kuka ta miya. Ba wani sabon abu ba ne.

Ɗalibar_Harshe: Yaya Bakatsiniya, suna amfani da abu ɗaya, wato hawa da saukar murya, amma ba aiki ɗaya suke yi ba. Karin sauti na kalmar ne, shi ke raba kuka da kuka. Abin da Malam ke magana a kai rausayar murya ce, ita kuma ta jimlar ce gaba ɗaya, ana shimfiɗa ta ne a kan karin kalmomin ba tare da an goge su ba. Misalinki ma shi ya fi nuna haka. Kukan hawaye sama-sama ne, kukar miya sama-ƙasa. Ce "Yana son kuka?" kina nufin yaro mai rigima, tsallen zai faɗa kan ka. Ce "Yana son kuka?" kina nufin miya, tsallen zai faɗa kan ku. Duka biyun tambaya ne, kuma ba wanda zai ruɗe.

Akwai kuma wanda ya fi wannan rikitarwa a rubuce. "Ya zo?" In ya ɗin doguwa ce a sama, kina tambaya ko ya iso. In gajera ce a ƙasa, kina neman izini ne, a ce masa ya zo? Rausayar tambayar iri ɗaya ce, bambancin yana jikin ya. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali ba ya nuna karin sauti, shi ya sa alamar tambaya ma ba ta raba wannan gardama.

Bakatsiniya: Wannan na "ya zo" ya taɓa cin mu a gida kuwa. Abbanmu ya aiko saƙo "mai gyaran famfo ya zo", muka zauna muna cewa ai bai zo ba, ashe umarni yake ba mu mu kira shi.

Direban_Tirela: Ku yi haƙuri ban karanta duka ba. In maganar ɗaga murya ce, ni ra'ayina bai kamata ƙanwa ta ɗaga wa yayarta murya ba ko da an yi mata gatse. Tarbiyya ce ta lalace.

Maman_Husna: A'a Malam Direba, ba ta ɗaga min murya ba, yarinya ce mai ladabi. Ba ƙarfin murya ake nufi ba, kaifinta ake nufi, kamar yadda zabiya ke hawa da sauka. Kana iya yin tambaya da raɗa ai.

Malam_Na_Zazzau: Akwai abu na uku da ban faɗa ba, kuma shi ne mutane suka fi mantawa. Ɗora yatsa a maƙogwaro ka ce "Ya tafi." ka yi shiru. Za ka ji i ɗin ƙarshe gajera ce, kuma maƙogwaro ya datse ta kamar an rufe ƙofa, irin tsayawar hamza. Yanzu ka ce "Ya tafi?" Datsewar ta ɓace, wasalin ya miƙe, ya zama kamar tafii. Haka "Ta fita." da "Ta fita?" Paul Newman ya yi bayanin wannan a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000. A "kin kyauta" ba za a ji wannan sosai ba domin wasalin ƙarshen dama dogo ne, sai tsallen murya kaɗai ya rage ya ɗauki nauyin tambayar. Shi ya sa na fi son koya wa yara da "ya tafi".

Ɗan_Maraɗi: Malam, mu nan Maraɗi in na ce "Ya tahi?" ji nike muryata ta hau sannan ta ɗan gangaro a kan wasalin nan da ya miƙe. Ba ta tsayawa a sama. Ko kunnena ne?

Malam_Na_Zazzau: Ba kunnenka ba ne ɗan'uwa. Akwai masu barin ta a sama, akwai masu ɗan sauko da ita bayan tsallen, ni kaina na ji duka biyun. Abin da ba ya canzawa shi ne miƙewar wasalin da tsallen.

Ɗan_Maraɗi: To ni na ɗauka namu ne na yamma, amma matata Bakanuwa ce kuma na ji tana yin haka in ta yi mamaki.

Gwaggon_Yara: Ku malamai kun tafi can kun bar abin da ya haɗa yarinyar nan da ƙanwarta. Ba tambaya ce ta ɓata musu ba, gatse ne. Ni na raini 'ya'ya bakwai, na san gatse. Yaro ya fasa min tulu in ce "Ka kyauta." Ba na ɗaga komai. Ina faɗa ne a hankali, murya ƙasa-ƙasa, a shimfiɗe, kowace gaɓa da nauyinta, ba fara'a a ciki. Godiya ta gaskiya tana da sauri da haske, kuma ba ta zuwa ita kaɗai, sai ka ji "kai, ka kyauta wallahi, Allah ya yi albarka". Gatse shi ne ke zuwa tsirara, kalma biyu a yi shiru. Maman_Husna, 'yata, saƙonki tsirara ya je, shi ya sa.

Maman_Husna: Gwaggo wannan magana ta shige ni. Na koma na duba saƙon, ko "na gode" babu. Gajiya ce ta sa, amma ita ina za ta sani.

Sarkin_Zolaya: Gwaggo ni kuma akasin naki na sani. Kakata in za ta yi min gatse sama take kai murya, ta ja ta har da rangaji: "Sannuuu da aiki, maigida!" alhali ina kwance rana ta take. Ba shimfiɗewa ko kaɗan, ƙari ma take yi a kan na gaskiyar.

Gwaggon_Yara: Wannan ai ba gatse ba ne, ba'a ce ta kaka da jika. Ita tana so ka yi dariya, ni ina so yaron ya shiga hankalinsa.

Sarkin_Zolaya: To Gwaggo ai duka biyun an faɗi abin da ba shi ake nufi ba. Sunan ne kawai ya bambanta.

Ɗalibar_Harshe: Ina ganin saɓanin Gwaggo da Sarkin_Zolaya shi ne amsar wani ɓangare na tambayar. Tambaya tana da ƙa'ida wadda Malam zai iya nuna maka gaɓar da za ta tashi tun kafin ka buɗe baki. Gatse ba shi da kari guda nasa na kansa. Gwaggo ta rage wa muryar rai, kakar Sarkin_Zolaya ta ƙara mata fiye da kima. Abin da ya haɗa su shi ne an kauce wa yadda aka saba faɗar kalmar, kuma mai ji ya san halin da ake ciki bai cancanci yabo ba. Tulu a fashe yake, mutum a kwance yake. In ka cire wannan sanin, muryar kaɗai ba kullum take isa ba.

Ku lura kuma, ko a gatsen ba a taɓa karin kalmar. Sannu ƙasa-sama ce, ko an ja ta kamu goma tana nan ƙasa-sama.

Malam_Na_Zazzau: Na yarda da rabin farko, 'yata. Amma "ba ta isa ba" ɗin nan ina da ja. Sau nawa kina ɗaki ki ji maƙwabciya ta bayan katanga ta ce "Madalla" ki san nan take wani ya yi ɓarna, ba ki ga komai ba? Akwai abin da ke cikin muryar. Jinkiri, jan gaɓar da ba a saba ja ba, wani lokaci a matse ta ta hanci. Kawai dai ba abu ɗaya ba ne tilo kamar na tambaya.

Ɗalibar_Harshe: Haka ne Malam, amma maƙwabciyar na san ta, na san yadda take faɗar madallarta ta gaskiya. Da baƙuwa ce daga wani gari ba lalle in gane ba.

Ɗan_Zango_Kumasi: Wannan ya faru da ni. Na taso a zango, Hausa nake ji tun ina yaro. Da na je Kano wurin kawuna na yi wata uku, wata rana na dawo gida wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Yana zaune a zaure ya ce "Ka dawo?" Na ce e Kawu, na dawo, na wuce ciki abina. Da safe matarsa ta ce min ransa ya ɓaci, faɗa yake min ban ba shi haƙuri ba. Ni kuwa tambaya na ji, da tsallenta da komai irin wanda Malam ya bayyana.

Ɗan_Dala: Ai wanda yake ganinka tsaye a gabansa ya ce "ka dawo?" ka san ba tambaya ba ce. Wa ke tambayar abin da yake gani?

Bakatsiniya: Mu mana. Kullum muna yi. Ka tarar da mutum yana wanki ka ce "Ana wanki?" Ka ga ya shigo da kaya ka ce "An dawo?" Gaisuwa ce, ba mai jin haushi. Don haka ba laifin Ɗan_Zango ba ne, "ka dawo?" tana iya zama maraba.

Malam_Na_Zazzau: Bakatsiniya ta yi gaskiya, kuma labarin nan ya nuna gatse yana iya hawa kan tambaya kamar yadda yake hawa kan bayani. Ɗan_Zango, ka tuna ko kawun naka ya sa har? "Har ka dawo?" da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba ta da fassara biyu, domin har tana nuna an yi saurin abu, kai kuwa ka makara. In babu har, sai a duba saurin maganar. Ta maraba tana fita da sauri, sau da yawa ma da "an" a maimakon "ka", kuma "sannu" na biye da ita. Ta faɗa tana da nauyi, sai shiru ya biyo baya, ana jiran ka yi bayani.

Ɗan_Zango_Kumasi: Babu har Malam. Amma shirun kam akwai shi, har na kai ƙofar ɗaki bai ƙara cewa komai ba. Ban san shirun ma magana ba ce.

Direban_Tirela: Yanzu na karanta daga sama, na fahimta. Mu a hanya yaron mota in ya ce "Taya ta yi" dole ka saurari ƙarshen, don ko yana gaya maka iska ta isa ne ko yana tambayarka. Cikin ƙarar inji ba ka jin tsallen nan da Malam ke faɗa. Shi ya sa na hana yarana, na ce in tambaya ce su sa ko a ƙarshe, "ta yi ko?"

Ɗalibar_Harshe: Dabara ce mai kyau, kuma ita ce maganin saƙon jikan Gwaggo. Kalmar "shin" ko "ko" a farko, ko kuwa "ko" a ƙarshe, suna ɗauke wa murya nauyin. Sai dai "ta yi ko?" ba daidai take da "ta yi?" ba. Mai cewa "ta yi ko?" ya riga ya zaci ta yi, tabbaci yake nema.

Sarkin_Zolaya: Kuma ko ɗin ma ba ta tsira daga gatse ba. "Kai ne mai wayo ko?"

Maman_Husna: Na tura wa ƙanwata bayanin Gwaggo. Ta ce ita ba tsiraicin saƙon ne ya dame ta ba, ayar da na sa a ƙarshe ce, wai ban saba sa aya ba sai ranar. Kuma ta ce da ta karanta, muryar Hajiyarmu ta ji a kanta, irin "kin kyauta" ɗin da take mana muna yara in mun ƙona tuwo, ba tawa ba. Na ce ta faɗa min yadda ta ji shi, ta turo da murya. Malam, ta ɗinta ba ta haura kin ba, ba ta kuma sauka kamar ta godiya ba, kyau ɗin ce ta ja sosai. Wannan a wane gida za ka sa shi?

Malam_Na_Zazzau: Jan da ya faɗa tsakiyar kalma ba na tambaya ba ne, na tambaya a wasalin ƙarshe yake. Sauran sai na ji da kunnena. In ba damuwa ki nemi izininta ki turo mana, tare da taki ta godiyar, mu jera su.

Gwaggon_Yara: Ku haɗa da ta Hajiyar taku in tana da ƙarfin magana yanzu. Allah ya ƙara mata sauƙi.